Bugun zuciyar da ke hawa da sauka tare da wata

A ɗakunan hayar ɗalibai da ke Angwan Lambu, kusa da Jami'ar Jihar Nasarawa a Keffi, agogon hannu mai haɗe da waya ya zama abin yayi. Wata yayanta ne ya kawo mata tsaraba daga Abuja, wata kuma tara kuɗinta ta yi ta saya. Agogon yana ƙirga taku, yana faɗin awannin barci, kuma kowace safiya yana nuna lambobi biyu: yawan bugun zuciya a lokacin hutu, da wata lamba da aka rubuta mata HRV. Da yawa daga cikin masu ɗaura shi ba su taɓa sanin zuciyarsu tana da lamba ba sai da suka gani a fuskar waya. To, tun daga ranar da mutum ya san lambar, daga ranar ya fara damuwa da ita.

A ɗauki misalin wata ɗaliba 'yar shekara ashirin. Ta saba ganin 68 da safe. Wani mako sai ta ga 70, bayan kwana uku 72, washegari 73. Ɗaya lambar kuma, wadda ta saba gani wajen 52, ta gangaro zuwa 45, manhajar ta sauya mata launi, har da gargaɗin cewa jikinta bai huta ba. Ba ta jin ciwon komai, sai ɗan nauyin jiki da ƙirjin da ya cika mata kamar yadda ta saba ji kowane wata. Amma gabanta ya faɗi, domin a gidansu akwai masu hawan jini, kuma ta sha jin ana cewa ciwon zuciya ba ya sallama. Ta kira gwaggonta, wadda ta daɗe tana aikin jinya.

"Gwaggo, ina jin zuciyata ta samu matsala. Kullum bugun ƙaruwa yake yi."

"Ke 'yar nan, kwantar da hankalinki tukuna. Yaushe kika yi wanka?"

"Yau kwana goma sha takwas ke nan."

"To, saura kwana nawa ki sake gani?"

"Biyar ko shida."

"Ki bar agogon nan ya yi aikinsa. Ranar da jini ya zo, ki ƙara kwana uku, sannan ki kira ni ki faɗa mini abin da ya nuna."

Tambayar da gwaggon ta fara yi ita ce tambayar da ta dace, kuma ita ce wadda agogo da yawa ba sa yi. Zuciyar mace mai haila ba ta tafiya da lamba ɗaya daga farkon wata zuwa ƙarshensa. Tana da hawa, tana da sauka, kuma hawan da saukar suna bin kwanakin al'ada sau da ƙafa.

Ana fara ƙirgar zagayen haila ne daga ranar farko da jini ya zo, a tsaya a ranar da ta gabaci zuwan na gaba. Ga babbar mace, daga kwana 21 zuwa 35 duk daidai ne. Ga yarinyar da ba ta daɗe da farawa ba yakan kai har 45. Wajen tsakiyar zagayen ƙwai yake fita daga ma'ajinsa. Gurbin da ƙwan ya bari ba ya zama haka kawai: yana rikiɗa ya zama wani ɗan kulli mai ruwan ɗorawa da ke zubo sinadarin firojestaron cikin jini. Aikin wannan sinadari shi ne shirya mahaifa ko da ciki zai shiga. Idan bai shiga ba, kullin yakan yi kwana 12 zuwa 14 ya shanye, sinadarin ya faɗi, shimfiɗar mahaifa ta zube. Jinin haila ke nan.

Sai dai firojestaron ba a mahaifa kaɗai yake tsayawa ba. Yana isa wurin da ƙwaƙwalwa ke daidaita zafin jiki, ya ɗaga shi da kamar digiri 0.3 zuwa 0.5 a ma'aunin Selshiyos. Yana ɗan ƙara yawan iskar da mutum ke shaƙa. Yana sassauta hanyoyin jini. Jikin da ya ɗan ƙara ɗumi, hanyoyin jininsa suka ɗan buɗe, dole zuciya ta ɗan ƙara sauri don ta riƙe komai daidai. Shi ya sa a rabin wata na biyu bugu yake ƙaruwa da kaɗan, ya kai ƙololuwa a kwanakin da suka gabaci haila, sannan ya sauko idan sinadarin ya janye.

Kaɗan ɗin nan an auna shi. A shekarar 2017 wasu masu bincike a birnin Zurich na ƙasar Suwizalan suka wallafa sakamakon bin diddigin mata 91 da suka riƙa kwana da awarwaron auna bugu, a cikin zagaye 274 da aka tabbatar ƙwai ya fita. Sun ga cewa a kwanakin fitar ƙwai bugu ya fi na kwanakin haila da kamar 2 a minti ɗaya, a tsakiyar rabin wata na biyu kuma ya fi shi da kusan 4. A 2024 aka fitar da wani nazari mai faɗi, daga bayanan mata fiye da dubu goma sha ɗaya masu ɗaura awarwaron WHOOP. Can ma labarin ɗaya ne: bugu ya fi yin ƙasa wajen rana ta 5, ya fi yin sama wajen rana ta 26, kuma tazarar a matsakaici ba ta cika 3 ba. Matsakaici ke nan. A cikinsa akwai wadda nata bambancin 1 ne, akwai wadda nata ya kai 6, kuma dukkansu lafiyarsu lau.

Ɗalibar da ta tashi daga 68 ta kai 73 tana cikin wannan da'ira. Abin da ya fi ruɗa ta shi ne lamba ta biyu, kuma ta cancanci a tsaya a kanta sosai, domin ko masu ilimi sukan fahimce ta a bai-bai.

Mutane sun ɗauka lafiyayyar zuciya tana bugawa ne kamar agogon bango, tazara ɗaya tsakanin kowane bugu da na gaba. Ba haka ba ne. Wanda zuciyarsa ke buga 60 a minti, matsakaicin tazarar daƙiƙa ɗaya ce, wato milisakan 1000, amma in aka auna ɗaya bayan ɗaya za a iya samun 980, sai 1030, sai 960, sai 1020. Wannan 'yar tangarɗa ita ce HRV, kuma samuwarta alamar lafiya ce. Kowa zai iya jin ta a jikinsa. A zauna shiru, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, a ja numfashi a hankali har ƙirji ya cika: bugu zai ɗan yi sauri. A saki numfashin a hankali: zai lafa. A jikin matasa abin ya fi fitowa fili, har wata kan tsorata ta ce zuciyarta tana tsalle, alhali kuwa linzami ne yake aiki.

Linzamin wata doguwar jijiya ce da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa ta biyo wuya ta sauka ƙirji da ciki, likitoci suna kiranta bagus. Da za a bar zuciya ita kaɗai, da wajen 100 za ta riƙa bugawa a minti. Jijiyar nan ce ke ja mata linzami ta dawo da ita 60 ko 70, tana ja tana saki tare da kowane numfashi. Idan linzamin yana hannu sosai, bugu yakan yi ƙasa, tangarɗar ta yi yawa. Idan an sassauta shi, saboda zazzaɓi ko rashin barci ko fargaba, bugu yakan hau, tazarar ta daidaita, lambar HRV ta faɗi. Shi ya sa lambobin biyu suke tafiya kamar sikeli: in ɗaya ta hau, ɗaya ta sauka.

Yawancin agoguna suna lissafin ne da wata hanya mai suna RMSSD. Ba wuya gare ta ba. A tazarar nan huɗu da aka ambata, bambancin da ke tsakanin kowace da mai bi mata shi ne 50, 70 da 60. A ninka kowanne da kansa, a samu 2500, 4900 da 3600. A haɗa a raba uku, a samu wajen 3667, sannan a nemi lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da hakan: kusan 61. Agogo yana yin irin wannan lissafi ne a kan dubban bugu cikin dare. Apple Watch kuwa wata hanya yake bi mai suna SDNN, don haka lambarsa ba ta kwatantuwa da ta wani agogon. 'Yan mata biyu da suka haɗa kai a ɗaki suna gwada lambobinsu, ɗaya tana murna da 80, ɗaya tana baƙin ciki da 40, aikin banza suke yi. Ko agogo iri ɗaya suka ɗaura, lambar ta bambanta ƙwarai tsakanin mutum da mutum, da shekaru, da gado, da yawan motsa jiki. Amfaninta kawai a gwada mutum da kansa.

A rabin wata na biyu linzamin nan yana ɗan sassautawa. A 2019 wata mai bincike a Jamus, Katja Schmalenberger, da abokan aikinta suka tattara nazarce-nazarce 37 da suka shafi mata wajen dubu ɗaya, suka tarar aikin jijiyar bagus a kan zuciya yana raguwa daga rabin farko zuwa na biyu. Da suka bi sinadaran ɗaya bayan ɗaya a wani aikin da ya biyo baya, sai suka ga firojestaron ne ke tafiya tare da raguwar. A nazarin 2024 ɗin can, matsakaicin saukar RMSSD bai kai milisakan 5 ba, kuma ya fi girma ga masu ƙarancin shekaru. Budurwa ta fi uwarta ganin wannan sauyi, ita ce kuma ta fi ɗaura agogo.

Abin da ke damun mai wannan rubutu shi ne yadda wasu manhajoji ke fassara lamarin. Sun saba gwada lambar yau da matsakaicin makonnin baya, in ta sauka su ce gajiya ce ko damuwa. Manhajar da ba ta san kwanan watan mace ba sai ta yi mako guda tana ba lafiyayya jan kati. Yarinya ta fasa zuwa filin wasa, ta fasa karatun dare, ta kwanta tana sauraron ƙirjinta. Fargabar ita kanta ta ƙara bugun, gobe lamba ta ƙara lalacewa.

Wannan zance na cewa jikin mace yana raunana kowane wata tsoho ne, kuma da auna bugun jini aka fara rushe shi. A 1873 wani likita a Amurka, Edward Clarke, ya wallafa littafi yana cewa karatu mai zurfi yana cutar da 'yan mata, musamman a kwanakin haila. Wata likita mace, Mary Putnam Jacobi, ta mayar masa da martani da hujja. Ta tattara bayanan mata, ta auna ƙarfin damtsensu da zafin jikinsu, ta yi amfani da wata na'ura da ke zana bugun jini a takarda, ta nuna cewa jikin mace yana da hawa da sauka a tsawon wata, amma babu abin da ke tilasta wa lafiyayyar mace kwanciya. Rubutun ya ci kyautar Boylston ta Jami'ar Harvard a 1876. Kusan shekara ɗari da hamsin ke nan, kuma bai kamata a ce agogo ya dawo da abin da Jacobi ta kore ba. Wadda ciwon mara ya kayar ta huta, haƙƙinta ne, ta kuma nemi magani. Wadda take jin ƙarfinta kuwa, lamba a fuskar waya ba dalilin zama ba ce.

Shawarar da ta fi amfani ga kowace yarinya ita ce ta san nata zanen, kuma wannan ba ya buƙatar agogo. Yatsa da littafi sun isa. Da safe, bayan an farka, kafin a tashi a ɗebi ruwa ko a sha shayi, a yi minti biyar a kwance ko a zaune. A ɗora manuniya da yatsan tsakiya a wuyan hannu, ɓangaren babban yatsa, a danna kaɗan. Kada a yi da babban yatsa, domin shi ma yana da nasa bugun. A ƙirga minti ɗaya cur. Ƙirgar daƙiƙa 15 a ninka huɗu tana da kyau a asibiti inda ake neman babban sauyi, amma a nan kuskuren bugu ɗaya zai zama huɗu, ya haɗiye duk bambancin da ake nema. A rubuta lambar kusa da kwanan zagaye: rana ta 1, rana ta 2, haka har wata ya zagayo. Wadda ta zaɓi kwanciya ta riƙe kwanciya kullum, wadda ta zaɓi zama ta riƙe zama, don tsakanin biyun akwai bambanci. Musulma da ke tashi asuba za ta iya yi kafin ta sauko daga gado, kuma ita dama ƙirgar kwanakin haila da na tsarki ba baƙon abu ba ne a wurinta. Tun tana Islamiyya aka koya mata riƙe su saboda salla da azumi. Lamba ɗaya kawai za ta ƙara a gefe.

Rana ɗaya ba ta faɗin komai. Daren da aka ɗauke wuta a watan Maris, lokacin da zafin Keffi ke hana barci, zai iya ƙara bugu 5 shi kaɗai. Haka goro da yamma, haka kofi ko lemon ƙara kuzari a makon jarrabawa, haka wasu magungunan mura masu buɗe hanci, da abin shaƙar masu asma. Don haka ana haɗa kwanaki ne. Ɗalibar nan, a misalinmu, zagayenta kwana 29 ne. Daga rana ta 4 zuwa ta 8 ta rubuta 68, 67, 69, 68, 68: matsakaici 68. Daga rana ta 22 zuwa ta 26 ta rubuta 72, 71, 73, 75, 72: matsakaici ya kusa 73. Akwai 75 a ciki, ranar da ta kwana karatu, amma sauran huɗun sun rinjaye ta. Jini ya zo, bayan kwana uku ta ga 69, ta kira gwaggonta tana dariya. Wata na biyu abin ya maimaita kansa, wata na uku ma haka. Daga nan ta san gidan zuciyarta: ƙasa wajen 68, sama wajen 73, kuma kullum tana komawa ƙasa bayan haila.

Komawar nan ita ce ma'auni. Sauyin da haila ke kawowa ƙarami ne, a hankali yake hawa, yana zuwa a lokacinsa, kuma yana wucewa. Duk abin da ya saɓa wa ɗayan waɗannan, a nemi dalilinsa a wani wuri.

A ce a wata na huɗu, rana ta 7, lokacin da ya kamata ta ga 68, sai ta ga 82, ga ciwon kai, ga gaɓoɓi suna tsami. Wannan ba aikin firojestaron ba ne, domin a rana ta 7 sinadarin yana ƙasa, kuma ko yana sama ba ya ƙara 14 dare ɗaya. Zazzaɓi yana ƙara wajen bugu 10 a kan kowane digiri ɗaya, kuma wani lokaci bugun yakan riga jin zafin jiki bayyana. A Keffi da damina, abu na farko da za a yi tunani shi ne zazzaɓin cizon sauro. A je a yi gwaji a tabbatar kafin a sha magani.

Akwai kuma wani zane da ya fi wannan wuyar ganewa, domin ba ya zuwa da hayaniya. Wata yarinyar ƙasanta a watan farko 74 ne, bayan wata biyu ya zama 79, bayan wasu biyu 85. Hawa da saukar wata suna nan, amma benen gaba ɗaya yana ɗagawa. Tana haki in ta hau matakala, tana jin jiri in ta miƙe, tafin hannunta da cikin fatar idonta sun yi fari, wani lokaci har tana sha'awar cin ƙanƙara ko farar ƙasa. In aka tambaye ta, hailarta tana wuce kwana bakwai, ko tana canza audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ko tana zubar da guda-guda manya. Wannan hoton ƙarancin jini ne. Jinin da ya rage ƙarfin ɗaukar iska, dole zuciya ta riƙa zagaya shi da sauri. Ba abu ne mai wuyar samu ba a ƙasar nan: binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a giram 12 na himogulobin a kowace desilita ta jini ga macen da ba ta da ciki. Gwajin da ake rubuta wa PCV a takardar asibiti ɗigon jini kaɗan yake buƙata, ana kuma yin sa a asibitin jami'a, da Babban Asibitin Keffi, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya. Haɗarin da ke cikin sanin cewa sauyin bugu al'ada ne shi ne yarinya irin wannan ta ce ai wata ne, ta yi shiru. Wata yana ɗagawa ya sauke. Abin da ke ɗagawa bai sauke ba, na likita ne. Haka nan in bugu ya yi ta hawa tare da rama duk da cin abinci, da yawan gumi, da rawar hannu, ko kumburi a wuya, a sa a duba maƙoƙo.

Ga matar aure, ko duk wadda ciki zai iya shiga, akwai wata fassarar. Idan ciki ya shiga, kullin nan ba ya shanyewa, firojestaron ba ya faɗuwa, don haka bugu yakan zauna a sama maimakon ya sauko, haila kuma ba ta zo ba. A tsawon goyon ciki yakan ƙaru da 10 zuwa 20 a minti. Agogo ba ya tabbatar da ciki, gwajin fitsari ne ke yi. Amma akwai hali ɗaya da ba ya jiran safiya: ɓatan wata, da ciwon mara mai tsanani musamman a gefe ɗaya, da bugu mai sauri, da jiri ko suma. Wannan zai iya zama cikin da ya zauna a wajen mahaifa ya fashe, jini yana zuba a ciki inda ido ba ya gani. A ɗauke ta zuwa asibiti a daren.

Kada kuma wata ta ɗauki bugun zuciya a matsayin hanyar tazarar haihuwa. Bambancin bugu 2 da aka gani a kwanakin fitar ƙwai matsakaicin mata da yawa ne. A jikin mutum ɗaya, zafin dare guda ya isa ya shafe shi, kuma babban hawan yana zuwa ne bayan ƙwai ya riga ya fita.

Wata yarinyar za ta yi wata uku tana rubutawa ta ga layin ya miƙe, babu tudu babu kwari. Wannan ma yana da bayani. Hawan yana buƙatar fitar ƙwai, kuma a shekarun farko bayan fara haila watanni da yawa sukan wuce jini ya zo ba tare da ƙwai ya fita ba. Mai shan ƙwayar tazarar haihuwa ko mai allura ita ma zanenta yakan baje, tunda maganin ya karɓe aikin sinadaran jikinta. Wata kuma nata bambancin ƙarami ne kawai, yatsa ba ya kama shi. Abin dubawa shi ne ita hailar: in tana ɗauke ƙafa har wata uku babu ciki, wannan ya isa dalilin ganin likitan mata, ko me bugu ya nuna.

Shi kansa agogon sai an tuhume shi. Koren hasken da ke ƙyaftawa a bayansa yana leƙa jinin da ke kai da komowa a ƙarƙashin fata ne, ba zuciya yake saurare ba. In ya yi sako-sako, ko hannu yana motsi, ko sanyin hunturu ya ƙanƙance hanyoyin jinin fata, lissafi yakan karkace, kuma HRV ta fi saurin karkacewa, tunda ita milisakan take ƙirgawa. Wasu masu arha da ake sayarwa a bakin titi lamba kawai suke ƙirƙira. Gwajin mai sauƙi ne: a ƙirga da yatsa minti ɗaya a gwada da abin da ya nuna, sau uku a ranaku daban-daban. In yana saɓawa da fiye da bugu biyar alhali ana zaune shiru, a bar shi ya riƙa faɗin lokaci.

Ga babba, bugun hutu daga 60 zuwa 100 shi ne abin da likitoci ke ɗauka daidai, kuma 'yar wasan da ta saba gudu za ta iya samun ƙasa da 60 ba tare da wata illa ba. Wadda nata ya zauna sama da 100 tana hutawa, babu zazzaɓi, kwana da kwanaki, ta je a duba ta. Haka wadda ke jin zuciyarta ta ɓalle da gudu farat ɗaya, 150 ko fiye, ta yi mintoci sannan ta tsaya farat ɗaya. Wannan wata matsala ce ta wayoyin lantarkin zuciya, tana da magani, kuma an lura cewa ga wasu mata ta fi tasowa a kwanakin da suka gabaci haila. Kasancewar tana bin wata bai mayar da ita al'ada ba. Suma, ciwon ƙirji, da ƙarancin numfashi a zaune, su ma ba a jingina su ga haila. Mai sikila kuwa, da wadda aka taɓa ce mata tana da ciwon zuciya, nasu ma'aunin daban ne, likitansu ne zai faɗa musu iyakarsu.

Wadda za ta je asibiti ta tafi da littafinta. Likitan da ke da layin mutum hamsin a ƙofa yana auna bugu sau ɗaya ne, bayan mara lafiya ta sha rana a kan acaɓa, ta hau bene, gabanta yana faɗuwa, kuma 96 da zai samu a lokacin ba ta gaya masa abu mai yawa. Shafi guda mai ɗauke da safiya casa'in, kowace da kwanan zagayenta, da alama a ranakun jini, da 'yar kalma a gefe kamar "zazzaɓi" ko "ban yi barci ba" ko "azumi", zai nuna masa cikin minti ɗaya ko tudun wata yake gani, ko bene ne ke ɗagawa, ya san ko takardar gwajin jini zai rubuta ko ta awon zuciya.